Me Ya Sa Ba A Ba Jariri Zuma Kafin Ya Shekara?

A ranar 30 ga Maris, 2017, wani jariri ɗan wata shida ya rasu a asibiti a birnin Tokiyo na ƙasar Japan. Iyayensa ba su yi sakaci da shi ba. Tun tsakiyar Janairu, da suka fara ba shi wani abu bayan nono, suke zuba masa zuma a cikin ruwan 'ya'yan itace, sau biyu a rana, kimanin giram 10 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya da rabi. A tunaninsu gina masa jiki suke yi. Bayan kamar wata guda, ranar 16 ga Fabrairu, yaron ya fara tari da majina. Kwana huɗu bayan haka jikinsa ya rikice, numfashi ya gagare shi, aka garzaya da shi asibiti. Da aka gwada bayan gidansa aka kuma gwada ragowar zumar da ke gidan, sai aka sami ƙwayar cuta iri ɗaya a cikinsu. Hukumomin Japan sun ce wannan ne karo na farko da aka tabbatar cutar ta kashe jariri a ƙasar tun da aka fara ganin ta a can a 1986, kuma tun 1987 ma'aikatar lafiyarsu ke gargaɗin kada a ba ɗan ƙasa da shekara zuma. Gargaɗin bai isa kunnen wannan gida ba.

Sunan cutar botulizim na jarirai. Mai jin labarin nan a Kano ko Maraɗi zai iya cewa ai wataƙila zumar gurɓatacciya ce, irin wadda ake haɗawa da sukari a sayar a tasha. Ba haka ba ne, kuma nan ne yawancinmu muke kuskuren fahimta. Zumar da aka tatso yanzu daga amya, wadda ba a taɓa ta da ko ɗigon ruwa ba, tana iya ɗauke da abin da ya kashe yaron nan. Babba ya sha ta ya kwana lafiya, ɗan shekara uku ya lashe cokali ya tafi wasansa. Matsalar tana ga hanjin jariri, wanda bai gama shiri ba.

Ƙwayar cutar bakteriya ce da masana ke kira Kulostiridiyam botulinam. Gidanta ƙasa: tana cikin turɓayar gona, da laka, da ƙurar da iska ke ɗauka. Ba ta iya rayuwa a inda iska ke shiga. Idan wuri bai yi mata ba, sai ta dunƙule ta rufe kanta cikin ɓawo mai tsananin tauri, ta daina ci, ta daina hayayyafa, ta kwanta. A haka takan yi shekaru. Kamar irin ciyawa ne da ke kwance cikin ƙasa duk tsawon rani, ka taka wurin ka rantse babu komai, amma ruwan farko na sauka sai ya tsiro. Ƙudan zuma na yawo daga fure zuwa fure, suna sauka a ƙasa da bakin ruwa, suna kwaso ƙura a jikinsu, da haka wannan iri mai ɓawo ke shiga saƙar zuma. Wani lokaci kuma wajen tatsa da tacewa yake shiga.

A cikin zumar kanta irin ba ya tsirowa. Zuma tana da sukari mai yawa, ruwan cikinta bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, ga ta da ɗan tsami, shi ya sa ƙwayoyin cuta ba sa bunƙasa a cikinta, shi ya sa kuma take daɗewa ba ta lalace ba. Sai dai hana tsiro daban, kashewa daban. Zuma tana ajiye irin ne kawai yadda ya shigo, da ransa. Ba ya canza mata launi, ba ya canza ƙanshi ko ɗanɗano. Gwajin da ake yi a kasuwa, na ɗiga ta a ruwa ko a shafa a ashana a kyasta, bai da abin da zai nuna a nan.

To me ke faruwa idan an haɗiye shi? Babban hanjin mutum wuri ne da iska ba ta shiga, ga ɗumi ga laima, daidai abin da irin ke jira. Amma hanjin babba cike yake maƙil da wasu ƙwayoyin halitta masu amfani, iri-iri, da suka riga suka mamaye ko'ina, suna cinye abincin da ke wurin, suna fitar da sinadaran da ke hana baƙo sakewa. Irin yakan wuce ya fita tare da bayan gida bai sami gurbin tsayawa ba. Kusan kowannenmu yana haɗiyar irinsa tare da kayan lambu da ƙura bai sani ba. Jariri kuwa yana zuwa duniya da hanji kusan fayau. Ƙwayoyin nan masu kare shi a hankali suke taruwa, suna ƙaruwa suna sauyawa yayin da ya fara cin kunu da sauran abinci, sai wajen cikar shekara suke yin ƙarfin da za su tare hanya. Kafin lokacin, akwai fili. Irin yakan fasa ɓawonsa, ya koma bakteriya mai rai, ta hayayyafa a cikin hanjin, ta fara zubar da dafi.

Masu bincike a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka sun nuna wannan ƙarara a ƙarshen shekarun 1970, da ɓeraye. Sun ba manyan ɓeraye masu lafiya irin da yawa, bai kama su ba. 'Ya'yan ɓeraye kuwa ya kama su, amma a wani ɗan taƙaitaccen lokaci kawai, tsakanin kwana bakwai zuwa sha uku da haihuwa. Sannan suka gwada manyan ɓerayen da aka raina ba tare da ƙwayoyin hanji ko kaɗan ba, sai ga shi ƙwaya goma kacal ta isa ta kama su. Wannan gwajin ya amsa tambayar da iyaye suka fi yi, wato ko ɗan lasa ma yana da illa. Abin da ke shiga bakin jariri abu ne mai rai da zai ninka kansa a ciki, don haka babu wani ɗan ma'auni da za a ce wannan bai kai ya yi lahani ba. A 2018 jarirai huɗu a jihar Teksas suka kwanta asibiti da wannan cuta, kuma abin da ya haɗa su shi ne robar tsotso mai zuma a ciki da aka sayo daga Meziko. Ba cokali aka ba su ba.

Tafasawa ma ba ta fid da mutum. Dafin da bakteriyar ke fitarwa zafi yana lalata shi, amma irin mai ɓawo yana jure tafasasshen ruwa na sa'o'i. Kamfanonin da ke yin abincin gwangwani sai sun kai zafi zuwa digiri 121 a cikin tukunyar matsin tururi, na aƙalla minti uku, kafin su amince sun kashe shi, alhali ruwa a tukunyar gida yana tafasa ne a digiri 100 ba ya wuce nan. Saboda haka zumar da aka zuba a kunu mai zafi, ko aka dafa da ita, ko aka gasa biskit da ita, duk hukuncinsu ɗaya ga jariri. Haka zumar kanti mai kyakkyawar kwalba da aka ce an tace an ɗumama. Ɗumamawar da ake yi mata don kada ta daskare ne ko ta yi tsami, ba ta kai ta taɓa irin ba.

Dafin nan yana cikin mafi ƙarfin dafin da ɗan Adam ya sani. Daga hanji yake shiga jini, ya tafi inda jijiyar saƙo ke haɗuwa da tsoka. Duk motsin da jiki ke yi, daga ƙifta ido har jan numfashi, jijiya ce ke sakin wani sinadari mai suna asetilkolin, shi ke gaya wa tsoka ta motsa. Dafin yana shiga bakin jijiyar ya datse hanyar sakin sinadarin. Ƙwaƙwalwa tana aika saƙo, tsokar ma lafiyarta lau, amma saƙon ba ya isa. Shi ya sa jikin yake saki maimakon ya sandare, kuma sakin daga sama yake farawa ya gangaro: ido, fuska, maƙogwaro, wuya, hannuwa, ƙirji, ƙafafu. Dafin ba ya shiga ƙwaƙwalwa. Yaron yana ji yana gani, ƙarfin motsi ne babu.

Alamomin ba sa zuwa ranar da aka sha zumar, kuma wannan na cikin abin da ke ɓatar da sawu. Sukan ɗauki daga kwana uku har zuwa kwana talatin, lokacin da kowa ya manta da ɗan lasan da aka yi ranar suna. Abin da yakan fara bayyana shi ne ɗaurewar ciki, yaro ya yi kwana uku ko fiye bai yi bayan gida ba, domin hanjin ma tsoka ce ke motsa shi. Wannan kaɗai ba abin tayar da hankali ba ne, don jaririn da ke shan nono zalla yakan yi kwanaki bai yi ba kuma lafiyarsa ƙalau, yana tsotso da ƙarfi yana wutsil-wutsil. Abin dubawa shi ne abin da ya biyo baya.

Uwa ce takan fara ganewa, a wajen shayarwa. Yaron da ke kama nono da ƙarfi sai ya koma yana tsotsa kaɗan ya saki, ya daɗe a kai bai ƙoshi ba, nonon ya cika ya yi mata nauyi saboda ba a janye shi. Nono yana zubowa ta gefen bakinsa, miyau yana dalala, wani lokaci ya ƙware, domin haɗiya ta fara gagara. Kukansa ya canza, ya zama siriri, marar ƙarfi, kamar daga nesa. Fatar idonsa ta sauko kamar mai jin barci kullum, fuskar ta daina nuna komai, murmushin da ya fara yi ya ɓace. Yaron da ya riga ya iya riƙe wuyansa sai ka ɗaga shi kan ya langaɓe baya, hannuwa da ƙafafu su zuba. Galibi kuma babu zazzaɓi. Rashin zazzaɓin nan yana yaudarar mutane ƙwarai. Ana taɓa jiki a ji shi da sanyi, sai a ce ai da sauƙi, haƙori ne, ko kasala ce, ko a ce yaron ya yi haƙuri kwanan nan ba ya rigima. Jaririn da ya daina rigima kuma ya daina tsotso ba haƙuri ya koya ba, a tafi da shi asibiti a ranar. Abin da ake tsoro shi ne sakin ya kai ga tsokokin numfashi, ko maƙogwaro ya kasa tare nono ya faɗa huhu, kuma hakan na iya faruwa cikin sa'o'i.

A asibiti akwai magana ɗaya da nake roƙon kowace uwa da kowane uba su faɗa ko ba a tambaye su ba: an ba yaron zuma, rana kaza, ko an ba shi wani jiƙo ko rubutu da aka haɗa da zuma. Kada a ji kunya, kada a ɓoye don gudun faɗan ma'aikatan jinya. Dalili kuwa, jaririn da ya saki jiki ya ƙi nono ya yi kama da mai cutar ƙwayoyin cuta a jini ko sanƙarau, waɗanda suka fi yawa nesa ba kusa ba, kuma likita yana da gaskiya idan ya fara zarginsu. Ɗaya daga cikin alluran da aka saba yi wa jarirai a irin wannan hali ita ce jentamaisin. Ita da danginta suna ƙara raunana isar saƙo daga jijiya zuwa tsoka, don haka ga mai botulizim suna iya ƙara shanyewar. Kalmar zuma kaɗai tana iya sa likita ya sake lissafi, ya duba ƙwayar idon yaron ko tana jinkirin tsukewa idan an haska fitila, ya zaɓi wani maganin. Idan da ragowar zumar a gida, a tafi da ita.

Ana tabbatar da cutar ne ta gwajin bayan gida, a nemi dafin ko bakteriyar, gwajin da sai manyan ɗakunan bincike ke iya yi, kuma likitoci ba sa jiran sakamakonsa kafin su fara kula da yaro. Jigon jinyar shi ne a riƙe yaron da rai har jijiyoyinsa su farfaɗo. Ana sa masa siririyar roba ta hanci zuwa ciki a riƙa ba shi nonon uwarsa da aka tatsa, ana tsotse miyau daga maƙogwaro, ana lura da numfashi dare da rana, idan ya gaza a sa shi a na'urar numfashi. Jijiyoyin da dafin ya datse sai sun gyaru ko sun fitar da sababbin rassa, abin da ke ɗaukar makonni, wani lokaci watanni. Labari mai daɗi shi ne yaron da ya tsallake wannan lokaci yakan warke sarai, ba tare da naƙasa ko taɓuwar ƙwaƙwalwa ba. A Amurka, cikin jariran da aka kwantar a asibiti, waɗanda ke mutuwa ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

Akwai maganin karya dafin da aka yi musamman don jarirai. A 1976 aka fara gane cutar a matsayin cuta mai zaman kanta, a jihar Kalifoniya, kuma likitan ma'aikatar lafiya ta jihar, Stephen Arnon, ya shafe shekaru yana aiki a kanta har aka samar da maganin da ake kira BabyBIG, wanda ake haɗawa daga jinin mutanen da aka yi wa rigakafin dafin. An ba shi lasisi a 2003. A gwajin da aka yi, ya rage zaman asibiti daga kusan mako shida zuwa ƙasa da mako uku. Yana kama dafin da ke yawo a jini ne kawai, ba ya gyara jijiyar da ta riga ta taɓu, shi ya sa ake son a ba da shi da wuri. Amma daga Kalifoniya ake aiko shi, kuɗinsa dubban daloli ne masu yawa. Wanda ya san nisan ƙauyukanmu da asibitin da ke da na'urar numfashi ta jarirai, ya san cewa wancan adadi na ƙasa da ɗaya cikin ɗari ba namu ba ne. Abin da ke hannunmu shi ne hanawa.

Na san abin da kaka za ta ce, kuma maganarta tana da nauyi: mu da zuma aka raine mu, mun raini 'ya'yanmu da ita, ga mu nan. Gaskiya ne cutar ba ta da yawa. Mafi yawan zuma ba ta ɗauke da irin, kuma ba duk jaririn da ya haɗiye shi ke kamuwa ba. Gaskiya ne kuma a Amurka yawancin jariran da suka kamu ba su taɓa shan zuma ba, ana kyautata zaton daga ƙura suka haɗiya. Sai dai ƙura ba wanda ya isa ya hana ta shiga ɗaki, balle da hunturu, zuma kuwa da hannu ake ɗaukar ta a kai bakin yaro. Wani nazari da aka buga a 2008, wanda ya tattara rahotannin duniya daga 1976 zuwa 2006, ya sami cutar a kowace nahiya da mutane ke zaune ban da Afirka, kuma masu nazarin ba su ɗauki hakan a matsayin shaidar babu ita ba; sun nuna cewa a ƙasashe da yawa ba a gano ta ne kawai. Jaririn da ya saki jiki ya rasu a gida cikin kwana biyu, babu wanda zai gwada bayan gidansa. Za a ce iska ce, ko mayu, ko a ce kwana ya ƙare, a yi haƙuri. Waɗanda suka sha suka rayu su ne ke ba da labari.

Akwai kuma batun addini, wanda bai kamata a kauce masa ba. Musulmi ya san darajar zuma. An ambace ta da waraka a cikin Suratun Nahl, kuma maganar likitoci ba ta rage mata komai. Kowane magani yana da wanda ya dace da shi da lokacin da ya dace, kuma Alƙur'anin da ya yabi zuma shi ne ya yi maganar shayar da jariri shekara biyu. Tahniki, wato ɗan goga abu mai zaƙi a dasashin jariri sabuwar haihuwa, da dabino ya zo a hadisan da aka fi sani. Zuma wasu ke maye gurbinsa da ita idan babu dabino. Mai son raya wannan sunna ba ya bukatar zuma ko kaɗan. Haka malamin da zai ba da rubutu, ko wanzami, ko ungozoma, ya dace a gaya musu kai tsaye cewa kada a sa zuma a duk abin da zai shiga bakin yaron. Mai jego kuwa ta sha zumarta yadda take so, a kunun kanwa ko a shayi. Irin ba ya tsira a hanjinta, kuma ba ya bi ta nono. Ta dai wanke hannu, kada kuma ta shafa zuma a kan nono don tsagewa ko don yaro ya kama.

Sau da yawa abin da ke kai hannu ga kwalbar zuma wata damuwa ce ta gaske. Nono bai kawo ba a kwanakin farko, sai a ce a lasa masa zuma kada yunwa ta kama shi, alhali dakashin da ke fitowa kaɗan-kaɗan ya ishi cikinsa, wanda a ranar farko bai fi ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko biyu a lokaci guda ba, kuma yawan sa shi a nono ne ke kawo ruwan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a haɗawa. Ko kuma tari ya hana yaro barci. Ga ɗan ƙasa da shekara, a ƙara shayarwa, a ɗiga ruwan gishirin da ake sayarwa a kantin magani a hanci don majina ta saki, idan numfashi yana sauri ko haƙarƙari na shiga ciki a tafi asibiti. Magungunan tari na gargajiya da na kwalba da yawa da zuma ake haɗa su, a karanta jikin kwalbar ko a tambayi mai haɗawa. Wanda ya wuce wata shida kuma ana son kunu ya yi masa daɗi, a dama masa da ayaba ko dankalin Hausa da aka murje.

Idan kuwa an riga an ba shi, jiya ko makon jiya, kada a firgita, kada a sa shi amai, kada a yi masa ɗure ko a ba shi maganin wankin ciki, babu abin da za su fitar. A daina bayarwa, a riƙe ranar, a ci gaba da shayarwa, sannan a sa ido na tsawon wata guda a kan bayan gidansa, ƙarfin tsotsonsa, kukansa da riƙon wuyansa. Mafi yawan yara ba abin da zai same su. Da zarar ya cika wata goma sha biyu hanin ya faɗi, har ma likitocin yara suna ba da shawarar rabin cokalin shayi zuwa cokali ɗaya kafin barci ga yaron da ya haura shekara idan tarin mura ya dame shi, a wanke masa baki bayan nan saboda haƙora.